"Ga hoton nan" amma babu hoto: me ke faruwa, kuma yaya za a faɗa wa wanda ya turo?

Wata matashiya mai sayar da mayafai ta WhatsApp a Kano ta samu saƙo daga wata Hajiya, tsohuwar kwastomarta a Kaduna, da ƙarfe 4:12 na yamma: "Na tura kuɗin, ga rasit nan. A kai kayan tasha yau." Ta duba sama, ta duba ƙasa, babu hoton komai. Direban da zai ɗauki kayan ya ce ƙarfe biyar zai tashi. Idan ta saki kaya ba a biya ba, asara tata ce. Idan kuma ta riƙe su alhali an biya, ta ɓata wa kwastoma rai, kuma sai gobe wata motar.

Yawancin mutane a nan ɗaya daga cikin abu biyu suke yi. Wasu su yi shiru suna jiran hoton ya shigo da kansa. Wasu kuma su rubuta "ban gani ba", wanda amsarsa kusan kullum ita ce "ai na turo", daga nan a shiga ja-in-ja. Duka biyun ba sa kai wa ga mafita, domin shi wanda ya turo yana kallon hoton a fuskar wayarsa, a ganinsa aikin ya gama. Kafin a san abin da za a rubuta masa, sai an san inda hoton ya maƙale.

Me ya sa rubutu ke isowa ya bar hoto a baya

A WhatsApp, rubutu da hoto ba hanya ɗaya suke bi ba. Rubutu ɗan ƙaramin abu ne, nan take yake fita. Shi kuwa hoto, sai wayar ta fara kulle shi, ta ɗora shi gaba ɗaya a kan sabar kamfanin, sannan ta aika wa mai karɓa wani ƙaramin saƙo da ke ɗauke da wurin da aka ajiye hoton da makullin buɗe shi. Muddin ɗorawar ba ta kammala ba, wannan ƙaramin saƙon ba zai tafi ba, wato wayar mai karɓa ba ta ma san ana shirin turo mata hoto ba. Shi ya sa babu ko gurbinsa.

Lissafin yana da sauƙi. A ce sabis ya yi rauni har wayar Hajiya tana tura kilobit 100 kacal a daƙiƙa. Rubutunta ba zai ci daƙiƙa ɗaya ba. Hoton da WhatsApp ya matse ya koma kilobait 200 zai ɗauki daƙiƙa 16, domin kowane bait bit takwas ne. Amma idan ta tura shi ta `Document` da girmansa na asali, misali megabait 4, zai ɗauki daƙiƙa 320, wato sama da minti biyar. A cikin waɗannan mintuna ta riga ta rubuta "ga rasit nan", rubutun ya tsallake hoton ya wuce, ita kuma ta kashe data ta jefa wayar a jaka. Hoton yana nan a wayarta, bai je ko'ina ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kowane saƙo da alamarsa. Ɗan agogo a ƙasan saƙo yana nufin bai bar wayar ba tukuna. Tik ɗaya yana nufin ya isa saba. Tik biyu, ya sauka a wayar mai karɓa. Idan suka koma shuɗi, an buɗe shi. Hajiya za ta iya ganin shuɗin tik biyu a kan rubutunta ta ɗauka komai ya tafi, alhali hoton da ke samansa yana ɗauke da agogo, ko kibiya mai kallon sama a tsakiyarsa tana jiran a taɓa ta a sake gwadawa. Tik ɗin rubutu ba ya ba da shaidar komai game da hoto.

Akwai kuma dalilan da ba ruwan sabis. Mutum ya zaɓi hoto bai danna alamar turawa ba, ko ya tura shi cikin wata hirar daban mai kama da suna, ko ya manta kawai. Wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda ake yarda.

Minti ɗaya na dubawa kafin a yi magana

"Ban gani ba" na iya nufin abubuwa daban-daban, kuma kowanne da mai gyara shi. Idan babu komai sam a cikin hirar, matsalar tana ɓangaren mai turowa. Amma idan akwai hoto dishi-dishi da kibiya mai kallon ƙasa da girmansa a rubuce, to hoton ya iso, saukewa ce ba a yi ba. Mutane da yawa suna kashe saukewa ta kai tsaye don tattalin data, a `Settings`, sai `Storage and data`, sai `Media auto-download`, daga baya su manta sun kashe. A nan taɓa kibiyar ya isa, kuma abin kunya ne a tayar da babba ya sake turo abin da yake zaune a wayar mutum.

Idan an taɓa kibiyar sai ga `Download failed`, mafi yawan lokuta laifin daga wayar mai karɓa ne: sabis ya yanke, ko ma'ajiyar wayar ta cika, ko kwanan wata da lokacin wayar ba daidai ba ne. Wannan na kwanan wata yana ba mutane mamaki, amma haɗin sirri da saba yana dogara da lokaci, wayar da agogonta ya koma shekarun baya za ta iya kasa sauke komai. Sake turowa sau goma ba zai gyara wannan ba.

Sai kuma alamun da ke bayyana kansu. `This message was deleted` yana nufin an turo sannan an goge, wataƙila hoton da ba shi ba ne aka fara turowa. `Waiting for this message. This may take a while.` yana nufin saƙo ya zo amma wayar ba ta iya buɗe kullinsa ba tukuna, galibi bayan ɗayansu ya canza waya ko ya sake saka manhajar, kuma yakan warware idan mai turowa ya hau layi. Ɗan da'ira mai lamba 1 a ciki kuwa hoto ne na gani sau ɗaya, tsarin da WhatsApp ya kawo a 2021. Da an buɗe an rufe ya tafi, ba ya sauka a ma'ajiyar hotuna. Ba hanyar turo rasit ba ce ko kaɗan, kuma wanda ya samu irinsa yana da hujjar neman a sake turo masa na yau da kullum.

Mai mayafan ta duba duk wannan. Ta taɓa sunan Hajiya a sama, ta shiga `Media, links, and docs`, hoto na ƙarshe a wurin na makon jiya ne. Datarta tana aiki tunda saƙonnin wasu suna shigowa har da hotuna. Yanzu ta san abin da za ta ce.

Saƙon da ke warware magana

Ga abin da ta rubuta:

"Hajiya, barka da yamma. Saƙonki na 4:12 ya shigo, amma rubutun kaɗai na samu, hoton rasit ɗin bai shigo nan ba, babu ko gurbinsa. Don Allah a duba hoton a wayarki, idan akwai agogo ko kibiya a kansa bai tafi ba, sai a taɓa shi a sake turowa. Mota za ta tashi ƙarfe biyar, kayan suna ɗaure."

Ba dogon saƙo ba ne, amma babu jimlar banza a ciki. Ambaton lokacin saƙon yana nuna wa Hajiya ana kallon hirar, ba ƙyuya ake yi ba, kuma idan ta turo abubuwa da yawa a ranar ta san wanne ake nufi. Kiran abin da sunansa, "hoton rasit ɗin", ya fi "abin" ko "shi" nesa ba kusa ba. Cewa "babu ko gurbinsa" yana rufe ƙofar amsar nan ta "to ki sauke mana". Sannan an ba ta aiki ɗaya tak da za ta iya yi ko da ba ta san kan waya ba: ta kalli hoton, ta ga ko akwai agogo. Lokacin motar kuma ya faɗi gaggawar ba tare da an matsa mata ba.

Kalmar da ta fi kowace aiki a saƙon ita ce "bai shigo ba". Akwai tazara mai yawa tsakaninta da "ba ki turo ba". Ta farko tana faɗin abin da mai karɓa ta gani da idonta, wanda babu mai iya musa mata. Ta biyu tana yanke hukunci kan abin da ya faru a wata wayar da ba ta gani, kuma idan maganar kuɗi ce, tana kama da zargin ƙarya. Mutumin da ya ji an zarge shi ba ya komawa ya duba, kare kansa yake yi. Haka nan "a duba" da "a sake turowa" sun fi dacewa da babba a kan "ki duba", "ki turo". Da ƙawarta ce, "Ke, rubutu kawai ya zo, hoton bai zo ba, duba ko yana lodi" ya wadatar. Ladabin ne ya bambanta, bayanin bai canza ba.

Yana da kyau a ja saƙon mai turowa zuwa dama a amsa a kansa, yadda nasa rubutun zai fito a saman amsar. A cikin guruf wannan ya zama dole, in ba haka ba mutum uku za su ɗauka da su ake. Kuma a rubuce ya fi saƙon murya, domin wanda sabis ɗinsa ya kasa tura hoto zai iya shan wahalar sauke murya, ga shi rubutu yana zama shaida mai lokaci a jiki.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne amsar al'ada. "To", "na gani", "na gode", ko alamar babban yatsa, duk ana karanta su a matsayin an karɓi komai. Bayan kwana biyu idan rigima ta tashi, mai turowa zai nuna wannan "na gani" ɗin, kuma da gaskiyarsa. Shirun ma ba tsira ba ne, tunda shuɗin tik yana magana a madadin mutum.

Idan an yi bayani sau ɗaya aka dawo da "wallahi na turo", ba sai an sake maimaitawa ba. A ɗauki hoton fuskar wayar da ke nuna hirar daga saƙon da ya gabata zuwa na yanzu, a tura, a kuma nemi shi ma ya ɗauko nasa. Hotunan biyu gefe da gefe suna kashe musun nan take. A dai tabbata babu sirrin wani a sanarwar da ke saman fuskar.

A nata ɓangaren, Hajiya ta duba ta tarar da kibiya a tsakiyar hoton, ta taɓa, ya shigo 4:26. Sai dai mai mayafan ba ta dogara da shi kaɗai ba, ta buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin sun zauna kafin ta kira direba. Wannan ya dace, domin rasit hoto ne kawai, kuma ana haɗa na bogi. Da a ce hoton ya ƙi shigowa har biyar saura, sunan asusun da aka turo da shi da adadin kuɗin da lokacin turawa, a rubuce, sun isa a nemo cinikin a manhajar banki.

Ga mai turawa kuma akwai dabara ɗaya da ke hana wannan matsalar tun daga tushe. Bayan an zaɓi hoto, akwai wurin rubutu a ƙasansa, `Add a caption`. Duk abin da aka rubuta a nan yana manne da hoton, tare suke tafiya. Idan hoton bai tafi ba, "ga rasit nan" ma ba zai tafi ba, babu wanda zai zauna neman abin da bai zo ba.

A imel labarin ya sha bamban

A imel, rubutu da fayil a ambulan ɗaya suke. Manhajar tana mayar da fayil ɗin ya zama haruffa, ta cusa shi cikin jikin wasiƙar, a aika gaba ɗaya. Don haka babu maganar "yana kan hanya". Idan wasiƙa ta iso tana cewa "ga takardar a haɗe" kuma babu komai, jira ba zai kawo ta ba ko shekara za a yi. Kusan kullum ba a haɗa ta ba ne tun farko, sai a wasu ma'aikatu da na'urar tace wasiƙu ke cire fayil ɗin da ba ta yarda da shi ba.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne rikita `Reply` da `Forward`. A ce malami ya samu takardar gabatarwa daga ofis, yana son miƙa wa ɗalibinsa da ke neman gurbin aiki. Idan ya danna `Reply` ya sa adireshin ɗalibin, rubutun tsohuwar wasiƙar zai biyo, amma fayil ɗin ba zai biyo ba. `Forward` ne ke ɗauko wasiƙa da kayanta. Malamin yana ganin fayil ɗin a saman hirar a nasa ɓangaren, don haka ya tabbata ya tura. Gmail a kwamfuta yakan yi gargaɗi idan mutum ya rubuta cewa ya haɗa fayil alhali bai haɗa ba, amma kalmomin da yake nema irin su `attached` ne. Wanda ya rubuta "ga shi na haɗa" da Hausa kada ya sa ran tunatarwa.

Sai girma. Gmail yana barin a haɗa har megabait 25 a wasiƙa ɗaya. Abin da ya wuce haka sai ya ɗora shi a Google Drive ya sa mahaɗi a maimakonsa. Mai karɓa ya taɓa, sai ya ci karo da `You need access`. Wannan ba rashin isowa ba ne, rashin izini ne, kuma dole a faɗe shi haka: "mahaɗin ya zo amma yana neman izini, a buɗe wa wannan adireshin nawa." Wanda ya ce "bai zo ba" a nan, mahaɗin nan dai za a sake turo masa, a kulle kamar da. Wani abin lura shi ne mayar da fayil haruffa yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku, fayil mai megabait 20 yana zama kusan 27 a kan hanya. Idan sabar mai karɓa tana da ƙaramar iyaka, wasiƙar gaba ɗaya ake mayarwa, kuma mai turowa ne ke samun sanarwar, mai karɓa ba ya ganin komai.

Kafin ɗalibin ya yi magana, ya gangara har ƙarshen wasiƙar, domin a nan fayil ke zama, wani lokaci a ƙarƙashin dogon tsohon rubutu. Ya kuma bincika da wannan a wurin nema, ya sa adireshin malamin bayan `from:`

```
from:adireshi has:attachment
```

Idan wasiƙar ba ta fito a sakamakon ba, babu fayil a cikinta. Mai son tabbaci na ƙarshe zai iya buɗe ta a kwamfuta, ya danna ɗigo uku, ya zaɓi `Show original`, ya nemi layi irin wannan:

```
Content-Disposition: attachment; filename="takarda.pdf"
```

Amsar kuma a cikin wannan wasiƙar za a ba da ita, ba a buɗe sabuwa ba:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Wasiƙar yau da safe ta iso, na gode ƙwarai. Sai dai takardar gabatarwar da aka ambata ba ta cikinta, na duba har ƙasa. Ina ga ko ta faɗi ne wajen amsawa, idan an yi `Forward` na wasiƙar ofis ɗin za ta biyo. Gobe Alhamis ƙarfe 12 na rana ake rufe karɓa. Allah ya saka da alheri."

An ba Malam dalilin da ba ya ɗora masa laifi, an faɗa masa maɓallin da zai danna, an sa masa ranar rufewa. Idan wurin da ake nema sun ƙayyade nau'in fayil, a nan ne wurin ambata shi, don kada a turo hoton takarda alhali PDF suke so a sake komawa zagaye na uku.

Duk wannan ya shafi mutumin da aka sani kuma ake jiran abu daga wurinsa. Baƙuwar lamba ko baƙon adireshi da ya ce "ga takardar kuɗinka a haɗe" kuma babu komai, ba lallai ne a amsa masa ba. Wasu 'yan damfara da gangan suke fara turo saƙo babu fayil, don mutum ya ce "ban gani ba", su tabbatar layin yana aiki, sannan su turo mahaɗi ko fayil ɗin da shi da kansa ya nema, wanda zai buɗe ba tare da tunani ba. Idan abin da ya biyo baya sunansa ya ƙare da `.apk`, to manhaja ce da za ta shiga waya, ba hoto ba ne kuma ba rasit ba ne. Gmail ma ba ya yarda a haɗa irin wannan fayil ɗin, amma a WhatsApp yana wucewa ta `Document` kamar kowace takarda.